Sakin Layin Farko a Takardar Bayanin Manufa

Ɗalibin da ya shiga jami'a ta hanyar JAMB bai saba rubuta bayanin kansa ba, domin maki ne ke yi masa magana. Sai ranar da ya gama Jami'ar Modibbo Adama, ya nemi digiri na biyu a waje ko tallafin Chevening, sannan a ce ya bayyana manufarsa a rubuce. Nan ne da yawa daga matasan Bekaji da sauran unguwannin Jimeta ke tuntuɓe, saboda ba su san halin mai karanta takardar ba.

Mai tantancewa ba shi da lokaci. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wasu manyan jami'o'in Amurka kan duba takardun mai nema gaba ɗaya cikin minti 8 ko ƙasa da haka. Mai irin wannan gaggawa amsar tambaya uku yake farauta: me wannan yake son karantawa, me ya taɓa yi da ke gaskata hakan, kuma me ya sa ya zaɓi wannan kwas? Sakin layin farko ne ke sanar da shi ko amsoshin na nan. In ya ga alamarsu, sai ya bi sauran a tsanake yana neman ƙarin hujja. In bai gani ba, sai ya riƙa tsallake layi.

Abin da ya fi kashe farkon takarda shi ne maganar da kowa zai iya faɗa. A 2016 hukumar UCAS ta Birtaniya ta bayyana cewa masu nema 1,779 sun buɗe da cewa tun suna ƙanana suke sha'awar fanninsu. Namu salon kuma shi ne doguwar gaisuwa da yabon jami'a. Wannan ladabi ne a wasiƙa, amma a nan cinye gurbin hujja yake yi.

A ce wata 'yar Bekaji tana neman kwas kan sarrafa albarkatun ruwa. In ta fara da cewa ruwa shi ne rayuwa, ba ta faɗi komai game da kanta ba. Amma in ta fara da ambaliyar Binuwai ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ta ce aikinta na kammala digiri gwajin ruwan rijiyoyin bakin kogi ne, ta kuma ambaci tambayar da kayan aikinta suka kasa amsawa, to cikin jimla uku ta ba da fanni da hujja da dalili.

Farko mai kyau ba ya ɗaga sakamako mai rauni, kuma alkawarin da ya ɗauka dole sauran takardar ta cika. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne: a rufe sunan mai nema. In abokin ajinsa zai iya sa hannu a kan sakin layin ba tare da canja kalma ba, sai a sake rubutawa.