Yadda ake gane asusun bogi da na bot a kafofin sada zumunta: alamomi uku da iyakarsu

Asusun bogi shi ne wanda mai shi ya ɓoye ainihinsa, ya ari suna ko hoton wani domin ya yaudari jama'a. Bot kuwa asusu ne da manhajar kwamfuta ke sarrafawa, tana wallafa saƙo ko mayar da amsa ba tare da hannun mutum ba. Akwai kuma na tsakiya, inda mutum guda ke riƙe da asusai masu yawa, yana sauya suna kamar yadda ake sauya riga. Ana cin karo da wannan na ukun a zaurukan Hausa, domin hayar matashi mai wayoyi biyu ko uku ba ta buƙatar wata fasaha.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 2019 kamfanin Facebook ya rufe asusai da shafuka da zauruka 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda ke shigar burtu a matsayin 'yan ƙasa da kafofin labaran cikin gida a Nijeriya da Nijar da Senegal da wasu ƙasashe. A watan Yulin 2024 kuma kamfanin Meta ya sanar da goge asusan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda damfarar karɓar kuɗi ta hanyar barazanar tona asiri. A cikinsu akwai rukunin asusai kusan 2,500 da aka gano mutane wajen 20 ne kacal ke juya su, wato kowane mutum guda yana da sama da ɗari.

Wanda ke juya asusai ɗari ba shi da lokacin ba kowanne rubutunsa da hotonsa da lokacin barcinsa. A nan asirinsa ke tonuwa, kuma daga nan alamomin uku suka samo asali.

Alama ta farko: rubutu mai maimaituwa

Mutane goma da suka ga abu guda ba za su bayyana shi da jimla guda ba. Idan aka ga doguwar jimla ta fito iri ɗaya daga bakin asusai daban-daban, to daga tushe guda aka kwafo ta. Hujja mafi ƙarfi ita ce kuskure: idan harafin da ya faɗi a kalma, ko waƙafin da aka sa a inda bai dace ba, ya bayyana a wuri guda cikin sharhi shida, ba dacewa ba ce.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A ɗauki kalmomi bakwai ko takwas daga tsakiyar saƙon, a sa su tsakanin alamun zance biyu, a nema a Google ko a gurbin bincike na X. Alamun zancen ne ke sa a nemo jimlar daidai yadda take. A Facebook ma ana iya liƙa jimlar a gurbin bincike. Sau da yawa sai a tarar saƙon ya zagaya jihohi da dama, sunan jiha da na gwamna kawai ake sauyawa.

Iyakar wannan alama ita ce al'adarmu ta magana. Ɗaruruwan mutane na gaskiya suna rubuta "Amin" ko "Allah ya jiƙansa" a ƙarƙashin sanarwa guda, kuma sojojin baka na jam'iyyu kan yaɗa saƙon da aka turo masu kalma da kalma alhali mutane ne sanannu a unguwanninsu. Saboda haka gajeriyar addu'a ba hujja ba ce. Abin lura shi ne jimlar da ke iƙirarin wani abu ya faru da mai maganar shi kaɗai, amma ta fito daga bakuna da yawa.

Alama ta biyu: hoton aro

Asusun bogi yana buƙatar fuska, kuma mafi sauƙi shi ne ya sato ta. Ana ajiye hoton a waya, a buɗe Google Lens ko shafin TinEye, a ɗora shi, sai su nuna sauran wuraren da ya taɓa fitowa. TinEye yana iya jera sakamakon daga mafi tsufa, wanda ke taimakawa wajen gano asali. Idan fuskar da ake kira da wani suna a Jalingo ta fito shekaru huɗu baya da wani suna a Accra ko Khartoum, magana ta ƙare.

Rashin samun sakamako ba ya wanke asusu. Masu damfara kan juya hoto daga dama zuwa hagu ko su yanke gefensa, don haka yana da kyau a juya shi a sake nema. Akwai kuma fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira, na mutanen da ba a taɓa haifa ba. A watan Disambar 2019 Facebook ya rufe wani rukunin asusai masu irin waɗannan fuskoki. Tsofaffin samfurinsu sukan zo da 'yan kunne biyu da ba su dace ba, da bango mai dishi-dishi, da idanu a wuri guda daidai a kowane hoto, amma sababbin manhajoji sun gyara yawancin wannan. Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne tarihi: hotunan sallah da biki da suna na shekaru daban-daban, da 'yan uwa masu kiran mutum da laƙabinsa na gida.

A nan ma akwai iyaka. Mata da yawa a Arewa ba sa sa fuskarsu saboda kunya ko tsare mutunci, sai fure ko hoton Ka'aba ko na jariri, magoya baya kuma kan sa hoton ɗan takararsu. Rashin fuska ba laifi ba ne. Abin zargi shi ne fuskar wani da aka ce ta mai asusun ce.

Alama ta uku: lokacin amsa

Ɗan Adam yana karatu kafin ya amsa, yana cin abinci, yana barci. Amsa mai kalmomi arba'in da ta iso daƙiƙa uku bayan tambaya an riga an tanade ta. Haka kuma asusun da ke wallafawa a kan tazara daidai, ko wanda ba a ga tsaikon awa biyar ko shida na barci a jerin saƙonninsa ba tsawon kwanaki.

Masu bincike suna da ma'auni. Cibiyar DFRLab ta Atlantic Council ta ɗauki saƙo 72 a rana a matsayin abin zargi, wato saƙo guda kowane minti goma har awa goma sha biyu, 144 kuma abin zargi ƙwarai. A X ana raba jimillar saƙonnin asusu da yawan kwanakin da ya yi a buɗe. Asusun da ya yi saƙo 9,000 cikin kwana 60 yana yin 150 ke nan a rana.

Sai dai a yi la'akari da rayuwar wurin. A watan azumi zauruka kan cika da hira lokacin sahur, matasa da dama suna raba dare saboda datar dare ta fi araha, kuma idan sabis ya dawo bayan ya ɗauke saƙonni kan shigo a dunƙule. 'Yan kasuwa ma suna saita amsar gaisuwa ta kai tsaye a WhatsApp, kuma halal ce.

Misali daga Jalingo

Masu damfara sukan jingina ƙarya da gaskiya. Gwamna Agbu Kefas, wanda ya hau mulkin Taraba a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnati a shekarar. A inda jama'a suka saba jin irin wannan sanarwa, labarin wani sabon tallafi ba ya zama baƙo a kunne.

A ƙaddara wata mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Jalingo ta ga wani shafin Facebook mai tambarin jiha yana shelar jarin naira 150,000 ga ƙananan 'yan kasuwa, da sharaɗin biyan naira 5,000 kuɗin rajista. A ƙarƙashi akwai sharhi 40, kuma 14 daga ciki suna cewa kuɗinsu ya shigo.

Matakin farko, ta karanta sharhin 14 a jere. Tara daga ciki jimla guda ce, "Alhamdulillah nima nasamu nawa yanzun nan nagode mai grma", duk da kuskuren "grma". Na biyu, ta duba lokaci: duka taran sun shigo cikin minti huɗu da wallafa sanarwar, alhali cike fom da biyan kuɗi da jiran shigowar jari ba za su yiwu cikin minti huɗu ba. Na uku, ta ɗauki hotunan uku daga cikinsu ta nema: biyu sun fito a wasu shafuka da sunaye daban, na ukun bai fito ba, amma hotonsa guda ne tak kuma ba shi da aboki ko ɗaya daga Taraba.

Daga nan ta buɗe sashen About na shafin, ta shiga Page transparency, inda Facebook ke nuna ranar buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. An buɗe shi makonni uku baya da sunan shagon takalma. A ƙarshe ta tambayi shafin inda ofishinsu yake, ko ta wajen Mayo Gwoi ne ko kan titin Hammaruwa. Nan take amsa ta iso, ba ta ambaci unguwa ba, sai lambar asusun banki mai sunan wani mutum. Kowace alama ita kaɗai tana da uzuri, amma haɗuwarsu a shafi guda ba ta da shi.

Abin yi bayan an gane

Kada a yi musu da asusun, domin sharhi yana ƙara masa yaɗuwa. A ɗauki hoton allo na shafin da saƙonnin da lambar asusun banki tun kafin a goge su, sannan a danna Report. Kada a ba kowa lambar BVN ko NIN ko OTP ta saƙo. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take, ya kuma kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Yin sojan gona a intanet laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ana kuma iya tura saƙon ga masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check.

Haka kuma a guji wallafa fuskar da ke kan asusun ana kiran mai ita ɓarawo. Galibi mai fuskar shi ne farkon wanda aka zalunta, domin hotonsa aka sata bai sani ba.