Gwajin Ware Yanki: Gano Cinikin Da Talla Ta Jawo

Gwajin ware yanki hanya ce ta auna tasirin talla: a tallata kaya a wani yanki, a ƙyale makamancinsa, sannan a kwatanta.

A ƙaddara ɗan kasuwa ya kafa allunan tallar sabulu a Jimeta, ya ƙyale Yola. Cinikin mako a Jimeta ya tashi daga katan 200 zuwa 260, na Yola daga 100 zuwa 110. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na Yola ya nuna cewa ko babu talla Jimeta za ta kai 220. Ke nan katan 40 tallar ta jawo, ba 60 ba.

Sai dai mazauna Yola kan shiga Jimeta kullum. Idan suka ga allunan, suka saya a gida, lissafin zai tauye tasirin tallar. Gari mai nisa, kamar Mubi, ya fi dacewa da kwatancen.