Rubutun madadi na zanen alƙaluma

Rubutun madadi na zanen alƙaluma gajeren bayani ne da ake maƙala wa zanen da ke nuna ƙididdiga, kamar zanen sanduna, zanen layi ko zanen da'ira, domin wanda ba ya ganin zanen ya samu saƙon da mai gani ke samu. A shafukan intanet ana rubuta shi a cikin siffar `alt` ta alamar `img`. Galibi ba ya bayyana a fuskar na'ura. Manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu da murya, irin su NVDA da JAWS a kwamfuta, TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a na'urorin Apple, su ne ke furta shi idan sun iso kan zanen.

Zanen alƙaluma ya bambanta da hoton mutum ko na gini. Abin da ake buƙata daga gare shi ba kamanninsa ba ne, abin da alƙaluman suka nuna ne: wane ya fi yawa, me ya hau, me ya sauka, kuma da nawa.

## Tarihi

Siffar `alt` tana cikin ƙa'idar HTML 2.0 ta shekarar 1995, lokacin da masu amfani da intanet da yawa ke kashe hotuna saboda jinkirin layi. A 1999 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin WCAG kan sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, aka sabunta su a 2008, 2018 da 2023. Sharaɗi mai lamba 1.1.1 ya ce duk abin da ba rubutu ba ne ya zama yana da madadin rubutu da ke yin aikin da abin yake yi. W3C ta sanya zanen alƙaluma cikin hotuna masu sarƙaƙiya, waɗanda ke buƙatar bayani biyu: gajere da dogo.

## Abubuwan da ya ƙunsa

Gajeren bayanin yakan ƙunshi abu uku a jere. Na farko shi ne irin zanen, domin mai sauraro ya san ko kwatanci ne tsakanin abubuwa ko sauyi ne cikin lokaci. Na biyu shi ne abin da aka auna, tare da wuri, shekara da ma'auni. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne babban saƙon, wato dalilin da ya sa aka saka zanen a shafin.

HTML bai ƙayyade tsawon `alt` ba, amma an fi son jimla ɗaya ko biyu. Dalili kuwa shi ne manhajar tana karanta shi ne a dunƙule. Ba shi da kanu ko layuka da makaho zai bi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi a jadawali, don haka idan lambobi sun yi yawa, kafin ya kai ta ƙarshe ya manta ta farko.

## Misali daga Jihar Kebbi

A ɗauki zanen sanduna uku da ke nuna yawan jama'ar ƙananan hukumomin Jega, Maiyama da Aliero a ƙidayar 2006. Jega na da kimanin mutum 193,000, Maiyama kimanin 175,000, Aliero kuma kimanin 66,000.

Idan aka rubuta "zanen yawan jama'a" kawai, makaho ya san akwai zane amma bai san abin da ya nuna ba. Idan aka rubuta "sanduna uku, biyu dogaye masu launin kore, ɗaya gajeriya ja", an bayyana kamanni an bar ma'ana. Rubutun da ya yi aikinsa shi ne kamar haka:

```html
<img src="jamaa-2006.png"
 alt="Zanen sanduna na yawan jama'a a ƙidayar 2006: Jega kimanin 193,000, Maiyama 175,000, Aliero 66,000. Jega ta kusan ninka Aliero sau uku.">
```

Jimla ta ƙarshe ita ce abin da ido ke kamawa nan take: sanduna biyu kusan kai ɗaya, ta uku kuma ba ta kai rabinsu ba. Ba a barin mai sauraro ya yi wannan lissafi da kansa. Da yake sandunan uku ne kacal, an iya kawo dukkan lambobin. Da zanen ya ƙunshi ƙananan hukumomi 21 na jihar, da sai a ambaci mafi yawa da mafi ƙaranci kawai, sauran a bar su ga jadawali.

Saƙon yana bin shafin da zanen yake ciki. A maƙala kan Aliero, ana iya cewa Aliero na da kimanin kashi 15 cikin ɗari na jama'ar ƙananan hukumomin uku. A maƙala kan Maiyama, abin lura shi ne ratar da ke tsakaninta da Jega ba ta kai mutum 20,000 ba. Zane ɗaya ne, amma rubutun madadin ya bambanta.

A zanen layi kuma, alkibla ake bayyanawa. Idan zane ya nuna farashin buhun albasa a kasuwar Aliero wata-wata, sai a faɗi watan da ya fi araha, watan da ya fi tsada, da farashin kowanne, ba a jero watanni goma sha biyu ba.

## Dogon bayani

Cikakkun alƙaluma ana sa su ne a jadawali na ainihi kusa da zanen, ba hoton jadawali ba, domin manhajar ta iya bin layuka da kanunsu. Sai a ƙara a ƙarshen `alt` cewa cikakken jadawali na ƙasa. Ana iya haɗa zanen da bayaninsa ta alamomin `figure` da `figcaption`. Tsohuwar siffar `longdesc` an daina ba da shawarar amfani da ita.

A shafukan da ke amfani da manhajar MediaWiki, ana ƙara `alt=` a cikin layin hoton, daban da taken da ke bayyana a ƙarƙashinsa. Manhajar karatu tana furta duka biyun, saboda haka ba a maimaita take a cikin rubutun madadi.

## Kurakurai da gwaji

Idan babu `alt` ko kaɗan, manhajoji da yawa sukan karanta sunan fayil, kamar `jamaa-2006.png`. Idan kuma an bar shi fanko, wato `alt=""`, manhajar za ta tsallake zanen kamar ado ne, makaho ba zai ma san da shi ba. Wani kuskuren shi ne saka ra'ayi: alƙaluman ƙidaya sun nuna Aliero ce mafi ƙarancin jama'a, amma ba su faɗi dalili ba, don haka dalili ba ya shiga rubutun madadi. Haka nan idan an sabunta alƙaluman zane, dole a sabunta rubutun, in ba haka ba makaho zai ci gaba da jin tsofaffin lambobi.

Ga shafukan Hausa akwai ƙarin matsala. Idan muryar da ke na'urar ta Turanci ce, tana iya gurɓata kalmomi ko ta tsallake haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ, ɗ da ɓ. Sanya `lang="ha"` a shafin yana sanar da manhajar harshen rubutun, ko da yake amfaninsa ya dogara da samun muryar Hausa a na'urar. Gajerun jimloli da lambobin da aka dunƙule sun fi saurin fahimta a irin wannan yanayi.

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rufe zanen, a karanta wa wani rubutun madadin kaɗai, sannan a tambaye shi wace ƙaramar hukuma ce ta fi yawan jama'a kuma da kamar nawa. Idan amsarsa ta yi daidai da ta wanda ya kalli zanen, rubutun ya wadatar. Bayan haka sai a kunna TalkBack ko NVDA a saurari yadda ake furta shi.