Daga Zangon Fatake zuwa Fadar Sarki: Addinin Buda da Nauyin Mulki

A gabashin ƙasar Indiya, kusa da garin Bubaneswar, akwai wani dutse a wurin da ake kira Dauli. A jikinsa aka sassaƙa umarnin wani sarki ga alƙalansa fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Abin da umarnin ya ƙunsa shi ne cewa sarkin yana kallon dukkan mutane a matsayin ƴaƴansa, don haka kada a ɗaure kowa ko a azabtar da shi ba bisa haƙƙi ba. Wanda ya ba da wannan umarni shi ne Ashoka, kuma mutanen da ya kira ƴaƴansa su ne waɗanda rundunarsa ta yi wa kisan ƙare dangi shekaru kaɗan kafin nan. Domin mu fahimci abin da ya kai shi ga wannan magana, sai mun koma baya ga wani mai zuhudu da kuma fataken da suka ciyar da almajiransa.

Siddarta Gotama ɗan gidan sarauta ne na ƙabilar Shakya, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, kuma galibin masana na ganin ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Bisa ruwayar mabiyansa, ya bar gida yana da shekara 29 domin neman sanin dalilin wahalar da ke tattare da tsufa da ciwo da mutuwa. Bayan shekara shida ya ce ya samu amsa yana zaune ƙarƙashin wata bishiya a Bod Gaya, daga nan aka riƙa kiransa Buda, wato wanda ya farka. Ya koyar da cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne, ana iya kashe kwaɗayin, kuma hanyar kashe shi ita ce gyaran hali da tarbiyyar zuciya. Ya shafe shekara 45 yana yawo da ƙafa a kwarin kogin Ganga yana wa'azi, har ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80.

Abin da ya bari a bayansa jama'a ce ta masu zuhudu, maza da mata, wadda ake kira Sanga. Ƙa'idojinta su ne mabuɗin labarinmu. Mai zuhudu ba ya noma, ba ya karɓar zinariya ko azurfa, abincinsa kuwa abin da aka zuba masa a ƙoƙon bara ne kafin rana ta take tsaka. Yana yawo a yawancin shekara, sai watanni uku na damina da yake zama wuri guda. Jama'a irin wannan ba za ta rayu ba sai a inda ake da rarar abinci da masu hannu da shuni, wato a gefen birane da bakin manyan hanyoyi.

A daidai wannan zamani ne biranen kwarin Ganga ke bunƙasa, kuɗin azurfa ya fara yawo, ayarin amalanke na kai da kawowa. To amma attajiri, duk da dukiyarsa, yana ƙasa da limaman Barahama da jarumai a tsarin ɗabaƙoƙin haihuwa, kuma wasu littattafan limaman sun kyamaci ba da rance da ruwa da tafiyar teku. Koyarwar Buda kuwa ta ɗora darajar mutum a kan aikinsa, ta kuma sanya kyauta ga masu zuhudu cikin manyan hanyoyin samun lada. Ba mamaki ke nan da ruwaya ta ce mabiyansa na farko daga cikin gama-garin mutane fatake biyu ne, Tapusa da Balika, kuma wani attajirin birnin Sabati mai suna Anatapindika ya saya masa lambun Jetabana da tsabar kuɗin da suka rufe ƙasar lambun.

Ko da an ɗauki waɗannan ruwayoyi da taka-tsantsan, duwatsu sun ba da shaida. A tsaunukan yammacin Indiya, a wurare irin su Karle da Junnar da Kanheri, an fafe gidajen zuhudu a cikin dutse kusa da mashigan da ayari ke bi tsakanin tashoshin jiragen ruwa da cikin ƙasa. A jikin ginshiƙansu akwai sunayen waɗanda suka biya kuɗin aikin, ciki har da ƴan kasuwa da masu sana'a da baƙin da ake kira Yabana, wato mutanen yamma. Hannun dama ke wanke na hagu: farke yana samun zango da addu'a da mutanen da zai amince da su a baƙuwar ƙasa, mai zuhudu kuma yana samun abinci da ayarin da zai bi. Ta haka koyarwar ta bi hanyar arewa har Takshila, ta bi ta kudu har gaɓar teku.

Tare da masu zuhudun akwai wani ra'ayi game da sarauta. A cikin tsofaffin nassosinsu akwai labarin da ke cewa sarki na farko jama'a ce ta zaɓe shi domin ya hukunta masu laifi, ta kuma riƙa biyansa da wani kaso na shinkafa. Wani nassin ya ba da labarin sarkin da ya ƙi taimakon matalauta, sai talauci ya haifi sata, sata ta haifi makami, makami ya haifi kisa. Wani kuma ya ce maganin ƴan fashi ya wuce ƙarin hukunci: a ba manomi iri, a ba ɗan kasuwa jari, a biya ma'aikaci albashinsa. A wannan mahanga, haraji ladan aiki ne, kuma sarkin da ya karɓa bai yi aikin ba ya ci amana. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba, inda ake auna sarki da ƙasashen da ya ci da yaƙi da hadayun da ya yanka.

Ashoka, jikan Candaragubta wanda ya kafa daular Maurya, ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 kafin Miladiyya, fadarsa na Pataliputara, inda birnin Patna yake a yau. Ya fara ne a kan tafarkin kakanninsa. Shekara takwas bayan naɗinsa ya kai wa ƙasar Kalinga yaƙi, ya kuma yi nasara. Alƙaluman ɓarnar daga bakinsa muka same su, a rubutunsa na dutse na 13: an kwashe mutum 150,000 daga ƙasarsu, an kashe 100,000, waɗanda suka mutu sanadiyyar yaƙin kuma sun ninka haka. Sarakunan dā sukan rubuta irin wannan lissafi domin alfahari. Shi kuwa ya rubuta shi ne domin bayyana nadama, ya kuma gargaɗi ƴaƴansa da jikokinsa da kada su ɗauki sabon yaƙin mamaya a matsayin abin nema.

Nadama ba ta da wuyar furtawa, don haka abin dubawa shi ne abin da ya sauya a aikace. Ya daina fita farauta, ya maye gurbinta da rangadin ganawa da talakawa da masu zuhudu. Ya rage yankan da ake yi a madafar fada zuwa ɗawisu biyu da barewa ɗaya a rana, da alkawarin dainawa. Ya sa aka dasa itatuwan inuwa da mangwaro a bakin hanyoyi, aka haƙa rijiyoyi, aka gina masaukai, aka tanadi magani domin mutane da dabbobi. Shekara 13 bayan naɗinsa ya ƙirƙiro jami'ai na musamman masu duba halin fursunoni da tsofaffi da marasa galihu. Ya kuma ba da umarni a riƙa kawo masa rahoton al'amuran jama'a a kowane lokaci, ko yana cin abinci ko yana cikin gida, yana mai cewa duk wannan biyan bashi ne da halittu ke bin sa. Wannan kalma ta bashi ita ce zuciyar sauyin, domin a da talaka ne kaɗai ake bi. Mu kuma lura cewa rijiya da inuwa da masauki su ne ainihin bukatun ayari. Hanyar da ta kawo koyarwar ita ce ta fara cin moriyarta.

Sai dai sauyin yana da iyaka, kuma rubuce-rubucen ne da kansu suka tona ta. Ashoka bai mayar wa Kalinga ƴancinta ba, bai rushe rundunarsa ba. A cikin rubutun nadamar ma ya tunatar da mutanen daji cewa yana da ƙarfin hukunta su. Bai soke hukuncin kisa ba, abin da ya yi shi ne bai wa wanda aka yanke wa hukunci jinkirin kwana uku. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, an sassaƙa rubutun nadamar a wurare masu nisa kamar Girnar da Kalsi, amma a Dauli da Jaugada, cikin Kalinga kanta, an tsallake shi, an sa umarnin alƙalai a madadinsa. Har ila yau, abin da ya kira Damma bai ambaci zurfafan aƙidun Buda ba. Ya tsaya ne a kan biyayya ga iyaye, kyautata wa bayi da barori, gaskiya, da girmama addinin wani, abubuwan da kowace al'umma a daularsa za ta iya karɓa.

Saƙon ya bi hanyoyin da fatake suka share. A Kandahar ta ƙasar Afganistan, an gano rubutunsa cikin Girkanci da Aramaik a 1958. Ya kuma ambaci sarakuna biyar na yamma da ya ce saƙonsa ya isa gare su, biyu daga cikinsu a nahiyarmu ta Afirka: Batalimus na Biyu na Masar da Magas na Sairin, a Libiya ta yau. A can bai yi saiwa ba, amma a Siri Lanka ya kafu, inda tarihin tsibirin ya ce ɗansa Mahinda ne ya jawo Sarki Tisa cikin addinin. Bayan ƙarnuka, ayarin Asiya ta Tsakiya ya kai shi ƙasar Sin, inda wani mai zuhudu ɗan Fatiya, An Shigawo, ya isa Loyang a shekara ta 148 Miladiyya ya fara fassara nassosi. Sarakunan da suka karɓi addinin sun gaji ma'aunin tare da shi. A ƙarshen ƙarni na 12, Jayabarman na Bakwai na Kambodiya ya rubuta a dutse cewa yana ɗaukar nauyin asibitoci 102 a ƙasarsa, ya kuma gina masaukan matafiya a kan hanyoyinsa, duk da cewa shi ma mayaƙi ne.

Daular Maurya ta ruguje kimanin shekara 50 bayan rasuwar Ashoka, har aka manta yadda ake karanta rubutunsa, sai a 1837 wani Bature, Jemis Firinsef, ya warware haruffan. Addinin Buda bai hana sarakuna yaƙi ba. Abin da ya yi shi ne ya ba talaka tambayar da zai iya yi wa mai mulki: ka karɓi kason shinkafarmu, ina rijiyar, ina maganin, ina adalcin?