Histogiram mai rukunai marasa faɗi ɗaya: dalilin auna tsayin ginshiƙi da cunkoso

Histogiram zane ne na ƙididdiga da ake jera ginshiƙai manne da juna domin nuna yadda abubuwa suka rarrabu a kan ma'auni guda, kamar shekarun mutane, ko albashi, ko yawan ma'aikatan kamfanoni. Masanin lissafi ɗan Ingila, Karl Pearson, shi ne ya raɗa masa wannan suna, kuma sunan ya bayyana a rubutunsa na shekarar 1895. A kallon farko yana kama da zanen sanduna da aka saba gani a rahotannin ofis, sai dai akwai bambanci babba guda ɗaya. A zanen sanduna tsayi ne ke faɗin adadi. A histogiram kuwa filin da ginshiƙi ya mamaye, wato tsayinsa sau faɗinsa, shi ne adadin.

Muddin rukunan duk faɗinsu ɗaya ne, wannan bambanci ba ya fitowa fili, domin ginshiƙin da ya ninka wani a tsayi ya ninka shi a fili ma. Matsalar tana tasowa ne idan wani rukuni ya fi wani faɗi, kuma a ƙididdigar masana'antu hakan shi ne abin da aka fi cin karo da shi.

Inda rukunan suke fitowa

Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan masana'antu ta ƙasa, SMEDAN, wadda aka kafa da dokar shekarar 2003, ta daɗe tana rarraba kamfanoni bisa yawan ma'aikatansu. Wanda ma'aikatansa ba su kai 10 ba shi ne mafi ƙanƙanta, mai ma'aikata 10 zuwa 49 ƙarami ne, mai 50 zuwa 199 kuma matsakaici. Duk jami'in da zai tattara bayanan masana'antun Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, ko na Sharaɗa da Bompai, da wuya ya kauce wa wannan rabo. Rabon kuwa yana da hikima, domin a waɗannan unguwanni ana samun wurin walda mai yara huɗu kusa da masana'antar jima ko ta roba mai ɗaukar mutum fiye da ɗari. Da an yanka rukunan goma-goma tun daga 1 har 199, da an sami rukuni ashirin, da yawansu a can sama kusan fayau.

Amma a duba faɗin kowane rukuni. Daga 1 zuwa 9 lambobi 9 ne. Daga 10 zuwa 49 lambobi 40 ne. Daga 50 zuwa 199 lambobi 150 ne. Rukuni na uku ya ninka na farko faɗi fiye da sau goma sha shida.

A nan ne ake yawan yin kuskuren farko: a cire 10 daga 49 a ce faɗin 39 ne. Wanda ya ƙirga da yatsa daga 10 har 49 zai sami 40, saboda 10 ɗin da 49 ɗin duk suna ciki. Hanyar da masu ƙididdiga ke bi ita ce sanya iyaka a tsakiyar giɓin da ke tsakanin rukunai biyu. Tsakanin 9 da 10 iyakar ita ce 9.5, tsakanin 49 da 50 kuma 49.5. Iyakokin rukunan uku sun zama 0.5 da 9.5 da 49.5 da 199.5, kuma bambancin kowace iyaka da mai bi mata shi ne faɗin: 9 da 40 da 150. Wannan ne kuma ya sa ginshiƙan histogiram suke manne da juna, babu rata a tsakaninsu.

Misali da kamfanoni 200

Alƙaluman da ke biye na koyarwa ne kawai, ba sakamakon wata ƙidaya ba ne. A ɗauka cewa wani jami'i ya zaga kamfanoni 200 a Challawa da Sharaɗa, ya sami 45 a rukunin farko, 80 a na biyu, 75 a na uku.

Idan ya zana faɗin ginshiƙan bisa ma'auni, sannan ya ba su tsayin 45 da 80 da 75, abin da ido zai gani shi ne fili. Filin na farko 45 sau 9, wato 405. Na biyu 80 sau 40, wato 3,200. Na uku 75 sau 150, wato 11,250. Jimla 14,855. Ginshiƙi na uku ya cinye fiye da kashi 75 cikin ɗari na zanen, alhali kamfanonin da ke cikinsa kashi 37.5 ne kacal. Rukunin farko mai kashi 22.5 na kamfanonin bai sami ko kashi 3 na zanen ba. Babu lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, amma duk wanda ya kalli takardar a wurin taro zai tashi da tunanin cewa matsakaitan kamfanoni ne suka cika yankin.

Gyaran shi ne a raba adadin kowane rukuni da faɗinsa. Abin da ya fito shi ne cunkoson adadi, kuma shi ake bai wa ginshiƙi a matsayin tsayi:

cunkoso = adadi ÷ faɗin rukuni

Rukunin farko: 45 ÷ 9 = 5. Na biyu: 80 ÷ 40 = 2. Na uku: 75 ÷ 150 = 0.5.

Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi ko da bai taɓa jin sunansa ba. Buhu 45 a ƙaramin shago sun cika shi har rufi, buhu 75 a babban sito kuwa ko rabin bango ba za su kai ba. Sito ya fi yawan kaya, shago ya fi cunkoso. Haka lamba 5 take nufi a nan: a kan kowane girma guda daga ma'aikaci 1 zuwa 9, ana samun kamfanoni biyar a matsakaici. A can sama kuwa, sai an haɗa girma biyu, misali 120 da 121, kafin a sami kamfani ɗaya.

A takarda mai gidan dara aikin yana da sauƙi. A layin kwance a bai wa kowane ma'aikata goma santimita ɗaya, ginshiƙan su sami faɗin santimita 0.9 da 4 da 15. A layin tsaye a bai wa cunkoso ɗaya santimita biyu, tsayinsu ya zama santimita 10 da 4 da 1. Filayen sun zama 9 da 16 da 15, kuma kowane gida mai santimita ɗaya ta kowace fuska yana wakiltar kamfanoni biyar. A ninka da biyar, sai 45 da 80 da 75 su dawo. Siffar da ta fito ita ce dogon siririn ginshiƙi a hagu, sai matsakaici, sai wani shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Rukunin da ya fi cunkoso shi ne na farko, duk da cewa na biyu ya fi shi yawa. A rubuta a jikin layin tsaye cewa cunkoso ne, domin kada mai karatu ya ga 5 ya zaci kamfanoni biyar ake nufi.

Abin da zanen ke iya faɗa, da inda yake tsayawa

Tun da fili shi ne adadi, ana iya yanko wani sashe na ginshiƙi a ƙiyasta abin da ke ciki. Idan ana son sanin kamfanoni nawa ne ke da ma'aikata 10 zuwa 24, faɗin sashen 15 ne, cunkoson 2, ƙiyasin ya zama 30. Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa kamfanonin 80 sun bazu daidai wa daida a tsakanin 10 da 49, abin da ba kasafai yake faruwa ba, domin kamfanoni sukan taru ne ta ɓangaren ƙananan lambobi.

A ce jami'in ya koma cikin kundinsa ya tarar 35 daga cikin 80 ɗin suna tsakanin 10 da 19, sauran 45 kuma tsakanin 20 da 49. Cunkoson ya zama 35 ÷ 10 = 3.5 da 45 ÷ 30 = 1.5. Ƙiyasin 10 zuwa 24 yanzu shi ne 35 a tara da 5 sau 1.5, wato 42.5, wajen kamfanoni 42 ko 43. Tazarar da ke tsakanin 30 da 42 ita ce farashin faffaɗan rukuni. Duk da haka a lura da wani abu: bayan tsagawar, ɓangare ɗaya ya hau sama da 2, ɗayan ya sauko ƙasa da 2, jimlar filin kuma tana nan 80. Da tsayi adadi ne, da tsaga rukunin ya rage tsayin ginshiƙan biyu gaba ɗaya, daga 80 zuwa 35 da 45, kamar an rufe wasu kamfanoni. Wannan gwaji ne mai kyau ga duk zanen da aka yi shakkarsa: in haɗa rukunai biyu zai sa ginshiƙi ya yi tsalle sama, to ba cunkoso aka zana ba.

Akwai kuma abin da ya kamata jami'in tsare-tsare ya riƙe. Zanen yana ƙirga kamfanoni ne, ba ma'aikata ba. In aka ɗauki tsakiyar kowane rukuni, wato 5 da 29.5 da 124.5, aka ninka da adadinsa, rukunin farko zai ba da ma'aikata wajen 225, na biyu 2,360, na uku fiye da 9,300. Ko da lambar ƙarshe ta yi yawa saboda dalilin da aka ambata, ginshiƙin nan mai kama da tabarma shi ne ke ɗauke da mafi yawan masu karɓar albashi. Tambayar yawan kamfanoni daban, ta yawan ayyukan yi daban, kuma kowace da nata zanen.

Rukunin da ba shi da ƙarshe, kamar "200 zuwa sama", ba shi da faɗi, saboda haka ba shi da cunkoso. Ko dai a nemo kamfani mafi girma a kundin a yi iyaka da shi, ko a bar rukunin a wajen zane a rubuta adadinsa a ƙasa. Ƙirƙiro masa iyaka ba tare da sanar da mai karatu ba yaudara ce.

A kwamfuta ma sai an yi hattara. Zanen histogiram na manhajar Excel faɗi guda yake amfani da shi ga dukkan rukunai, zanen sanduna na yau da kullum kuma yana bai wa kowace sanda faɗi ɗaya ko me aka rubuta a ƙarƙashinta. A manhajar R, umarnin hist() yana komawa ga cunkoso da kansa idan iyakokin da aka ba shi ba tazara ɗaya ba ce, amma yana daidaita jimlar filin ta zama 1. A misalin nan zai nuna 0.025 da 0.01 da 0.0025, wato 5 da 2 da 0.5 an raba kowanne da 200. Siffar zanen ba ta canza ba, kuma mai son adadin wani rukuni sai ya ninka filinsa da 200.