Takardar neman hutu da Turanci: me ya kamata ya maye gurbin “I humbly beg”?

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya, Larabci ne harshen ofis da na kasuwa, kuma yawancin Hausawan da ke aikin gini ko na gona da baki suke neman izinin tafiya gida. Amma akwai wuraren da ake buƙatar takarda da Turanci: ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa, da kamfanonin da ke yi wa rijiyoyin mai hidima, irin na Sharara da ke kusa da Ubari, inda shugaban sashe kan kasance baƙo ne da ba ya karanta Larabci. Direba ko mai gadi ko mai kula da sito da ya fito daga Damagaram, Agadas ko Kano, idan zai rubuta irin wannan takarda, yakan nemi wani tsohon samfuri ya kwafa. Kusan duk samfuran nan da jimla ɗaya suke farawa: “I humbly beg to apply for leave”.

Inda salon ya samo asali

Jimlar ba kuskuren nahawu ba ce. Gado ce daga wasiƙun gwamnatin Birtaniya na zamanin mulkin mallaka, lokacin da akawu kan rufe takarda da “I have the honour to be, Sir, your obedient servant”, wato yana kiran kansa bawa mai biyayya. A Birtaniya kanta an daɗe da juya wa salon baya. A 1948 wani babban ma'aikacin gwamnati, Sir Ernest Gowers, ya fitar da littafin Plain Words bisa roƙon Baitulmalin ƙasar, domin ma'aikata su riƙa rubutu kai tsaye. Sai dai salon ya ci gaba da rayuwa a littattafan koyon wasiƙa na Najeriya da Ghana da Indiya, kuma daga can ake ta kwafo shi har yau.

Ga wanda ya yi makaranta a Nijar akwai ƙarin dalili. Takardar neman hutu ta Faransanci kan fara da “J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance”, kuma a ofisoshin Yamai wannan daidai ne, babu mai ganin baƙonsa. Wasiƙar Larabci ma tana da nata kalmomin girmamawa, ta Hausa kuwa sai an yi gaisuwa mai tarin yawa kafin a zo ga magana. Don haka mai rubutu yakan ji cewa takardar Turanci marar irin wannan ado tsirara take. Matsalar ita ce kowane harshe da inda yake ajiye ladabinsa, kuma Turancin ofis na yau ba a ƙasƙantar da kai yake ajiye nasa ba.

Abin da mai karatu ke ji

Kalmar “beg” a Turancin yau bara take nufi, ko roƙon wanda ba shi da mafita. Ta rage a wasu tsofaffin maganganu kamar “I beg your pardon”, amma a takardar ma'aikaci takan sa mai karatu ya yi tsammanin ko dai an kwafo ta ne, ko kuma akwai wata masifa da ba a faɗa ba.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan. Hutun shekara haƙƙi ne, ba alfarma ba. Dokar ƙwadago ta Libiya mai lamba 12 ta shekarar 2010 ta ba ma'aikaci kwana 30 a shekara, kwana 45 ga wanda ya kai shekara 50 da haihuwa ko ya wuce shekara 20 yana aiki. Ta ware hutun gaggawa daban, wanda ba ya wuce kwana 3 a karo guda da kwana 12 a shekara, ta kuma tanadi kwana 20 na aikin Hajji sau ɗaya a tsawon aiki. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna da nasu ƙa'idojin, kuma abin da ke cikin kwantiragin mutum shi ne farkon abin dubawa. Takardar da ta cika da roƙo, amma ba ta ambaci irin hutun da ake so ba, ta bar wa ofis zaɓi ke nan. Ana iya cire kwanakin daga hutun shekara alhali na rasuwa ne, ana ma iya rubuta su a matsayin hutu babu albashi. Sunayen kuwa gajeru ne: “annual leave” na shekara, “sick leave” na rashin lafiya, “emergency leave” na gaggawa, “compassionate leave” na rasuwa ko jinyar ɗan'uwa na kusa, “unpaid leave” wanda ba a biya.

Wani tarko yana cikin kalmar “leave” kanta. Idan suna ce, hutu take nufi, idan kuwa aikatau ce, barin wuri. Wanda ya gajarta tsohuwar jimlar ya rubuta “I beg to leave” ko “I want to leave my work” ya rubuta abin da za a iya karantawa a matsayin ajiye aiki. Abin da ake cewa shi ne “take leave” ko “request leave”.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki mai kula da sito a wata ƙungiya a Sabha, wanda zai je Damagaram bikin ƙanwarsa. Ga abin da ya kwafo:

```
Respected Sir,
With due respect and humble submission, I humbly beg
to apply for some days to enable me travel to my home
town. I shall be ever grateful if my request is
favourably considered.
Your obedient servant,
```

An yi girmamawa sau biyar, amma shugaban da ya karanta bai san kwana nawa ba ne, ko yaushe za a tafi, ko wa zai riƙe makullin sito. Dole ya kira mutumin ya tambaye shi, kuma a nan ne takarda kan kwana a kan tebur. Ga yadda za ta kasance in an gyara:

```
Subject: Annual leave request, 2-20 November

Dear Mr ____,

I would like to request annual leave from Sunday
2 November to Thursday 20 November (15 working days),
for a family wedding in Zinder. I will be back at
work on Sunday 23 November.

My assistant has agreed to cover the store, and I will
hand over the keys and stock list on 30 October.

Could you please let me know if these dates are
possible? Thank you.

Yours sincerely,
```

Ladabin wannan takarda yana wurare uku. Na farko, “I would like to request” a maimakon “I want”, wadda ke da kaushi kamar yaro na neman abinci. Na biyu, tambayar ƙarshe. “Could you please” ta bar hukunci a hannun shugaba, kuma hakan shi ne ainihin girmamawar da “humbly” ke ƙoƙarin nunawa. Na uku ba kalma ba ce ma: mutumin ya riga ya nemi wanda zai tsaya masa, ya kuma sa ranar miƙa makulli. A idon mai kula da ma'aikata wannan layin ya fi kowace gaisuwa nauyi, domin ya ɗauke masa aiki.

Lissafin kwanakin ma yana da dalili. A Libiya Juma'a da Asabar ne ranakun hutun mako, saboda haka mako uku daga Lahadi zuwa Alhamis kwana 15 ne na aiki, ko da yake a kalanda kwana 19 ne. Wasu wuraren da kwanakin aiki suke ƙirga hutu, wasu da na kalanda, kuma faɗin wanda ake nufi yana hana gardama ranar biyan albashi. An rubuta sunan wata da haruffa don 2/11 a wajen Ba'amurke 11 ga Fabrairu ce. An kuma raba ranar ƙarshen hutu da ranar dawowa aiki, domin “until 20 November” kaɗai ba ta nuna ko ranar 20 ɗin tana ciki ba.

Dalilin tafiya kuwa rabin layi ya isa. Hutun shekara ba ya ma buƙatar dalili, sai dai ambaton bikin yana nuna cewa ranakun ba sa matsuwa.

Maganar hanya

Wanda zai bi ƙasa daga Sabha ta Gatrun da Tumo, ya ratsa Madama da Dirku zuwa Agadas, ya san cewa mota ba ta tashi don shi kaɗai, kuma jiran ayari ko lalacewar mota na iya cin kwanaki. Tsohon salo ba shi da wurin faɗin wannan, sai dai bayan an makara a dawo da wata takardar ban haƙuri. Gara a sa kwanakin hanya cikin lissafi tun farko, a kuma ƙara layi guda: “The road journey can be delayed, if that happens I will call you as soon as I have network.” Shugaban da aka gaya wa tun da wuri ba zai rubuta mutum cikin waɗanda suka ƙi zuwa aiki babu izini ba.

Sauran kalmomin da suka tsufa

“Respected Sir” da “Your obedient servant” sun tafi tare da “humbly beg”. Idan an san sunan mutum, “Dear Mr” ko “Dear Ms” da sunansa, a rufe da “Yours sincerely”. Idan ba a sani ba, “Dear Sir or Madam”, a rufe da “Yours faithfully”. A imel “Kind regards” ta wadatar. A Libiya an saba haɗa muƙami da sunan yanka, kamar injiniya wane ko dakta wane, kuma bin wannan al'ada a takardar Turanci ba laifi ba ne in shugaban ɗan ƙasa ne. Bature kuwa sunan danginsa ake sa wa bayan “Mr”.

“Kindly” tana da ruɗi. A Najeriya da Indiya kalmar ladabi ce, amma ga ɗan Birtaniya “Kindly approve my leave” na iya zama kamar umarnin wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. “Please” cikin sigar tambaya ta fi aminci. “Thanks in anticipation of your favourable response” kuma godiya ce kan amincewar da ba a riga an bayar ba, “Thank you” kawai ta fi ta.

Idan rasuwa aka yi, takardar ta fi gajarta, kuma a nan ne jarabar roƙo ta fi ƙarfi. Jimla biyu sun isa: “My father died last night in Agadez. I would like to request compassionate leave from today and expect to return on 14 March.” Wasu ofisoshin kan nemi takardar shaidar rasuwa bayan an dawo, don haka yana da kyau a tambaya tun kafin a hau mota, tunda samun ta daga Agadas bayan an koma Sabha sai an sake aike.