Wasiƙar Neman Koyon Sana'a Bayan Ranar Gwaji: Nazari Daga Riruwai

Da koyon sana'a muna nufin zaman da yaro ke yi a ƙarƙashin gwani, yana yi masa hidima yana ɗaukar aiki, har ranar da za a yaye shi, wato a sallame shi ya buɗe nasa shagon. Gwanin shi ake kira maigida, ko oga a bakin samari. Ranar gwaji kuwa wuni guda ne da maigida ke barin yaro a shago don ya ga hankalinsa da hannunsa. A Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, garin da aka sani da haƙar kuza, uba ko kawu ne ke kama hannun yaro ya kai shi, ya ce ga amana. Saboda haka wasiƙar ɗalibin da ya gama sakandare ba ta maye gurbin wannan kai wa ba, ƙarfafa shi take yi.

Malaman makaranta kan raba wasiƙa gida biyu: ta zumunci da ta neman aiki. Wadda muke nazari ta ɗebo daga kowacce, domin godiya ce da roƙo a takarda ɗaya. Sassanta uku ne. Na farko sallama da gaisuwa, inda yaro zai ce Maigida ko Baba, ya riƙa amfani da «ku» don girmamawa. Na ƙarshe shi ne roƙon, tare da ambaton wanda zai tsaya masa da ranar da zai iya farawa.

Sashen tsakiya, wato shaidar abin da yaro ya lura da shi, shi ne a ganinmu ya fi nauyi. Mu ɗauki misalin wanda ya wuni a shagon walda, ana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya rubuta: «Baba, na gode da kuka bar ni na riƙe tef. Na ga kun auna ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu kafin ku ƙarasa waldar, kuka ce in awon biyu bai zo ɗaya ba, ƙofar ta karkace. Da dare idona ya yi kamar an zuba yashi, don na kalli wutar ba gilashi duk da kun hana ni. Ba zan sake ba.» Jimlar awo ta nuna ya fahimci dalilin aiki, ta ido kuma ta nuna yana amsa laifinsa, abin da maigida ke so ya sani kafin ya damƙa wa yaro injinsa.

Wasiƙar kan lalace ta hanya biyu. Wani ya cika ta da kirari har a rasa abin da ya gani a shagon. Wani kuma ya tambayi kuɗin da za a riƙa ba shi, alhali wannan magana ce ta maigida da uban yaro, baki da baki.